Yadda Ake Kwantar da Rawar Lambobi a Awon Maikurokwanturola: Misalin Batirin Sola

Maikurokwanturola ƙaramar kwamfuta ce da aka dunƙule cikin aisi guda, kuma ita ce ƙwaƙwalwar na'urori da yawa na gida da na wurin sana'a, tun daga mai kula da cajin batirin sola har zuwa mai daidaita zafin injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ba ta san komai ba sai lambobi, alhali abubuwan da ake son ta auna, kamar zafi da haske da ƙarfin wutar batir, suna hawa suna sauka ne a hankali ba tare da matakala ba. Saboda haka aka gina mata wani sashe mai suna ADC, wanda aikinsa shi ne ya dubi ƙarfin wutar da ke kan ɗaya daga cikin ƙafafunta ya mayar da shi lamba. Matsalar da kusan kowane mai haɗa irin waɗannan na'urori yake cin karo da ita ita ce lambar ba ta tsayawa wuri guda. Batir yana zaune lafiya, mita tana nuna bolt 12.6 ba motsi, amma allon na'urar yana ta tsalle tsakanin 12.3 da 12.9. Wannan rawar ita ake kira hayaniya, kuma tushenta ba ɗaya ba ne, don haka maganinta ma ba ɗaya ba ne.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lamarin ita ce a bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ɗauki allon Arduino Uno, wanda ke ɗauke da aisin ATmega328P, an sa shi ya riƙa auna batirin sola mai bolt 12 irin na dalma da ruwan batir, ya kuma kunna rile idan batirin ya yi ƙasa.

Abin da lamba ɗaya take nufi

ADC ɗin wannan aisin yana raba awonsa gida 1024, yana ba da lamba daga 0 zuwa 1023. Ba ya auna bolt kai tsaye. Abin da yake yi shi ne kwatanta wutar da ke kan ƙafar da wata wuta da aka ba shi a matsayin ma'auni, sannan ya faɗi kashi nawa ne na ma'aunin. Idan ba a canza komai ba, ma'aunin shi ne wutar da allon yake ci, wato bolt 5, kuma kowace lamba ɗaya tana daidai da kimanin milibolt 4.9.

Ƙafar aisin ba ta jure abin da ya wuce wutar allon, shi ya sa ba a haɗa batir mai bolt 12 da ita kai tsaye. Ana jera rasista biyu tsakanin fozitif ɗin batir da giraun, a ɗauki awo daga mahaɗarsu. Idan na sama kilo'om 20 ne, na ƙasa kuma kilo'om 10, kashi ɗaya cikin uku na wutar batir ne zai isa ƙafar. Bolt 12.6 zai zama 4.2, ADC ya ba da lamba 860, sai manhajar ta juya lissafin ta nuna 12.6. A wannan tsarin lamba ɗaya tana wakiltar kusan milibolt 15 a kan batir.

Wannan adadin yana da amfani domin shi ke raba rawar da ba komai ba da wadda take matsala. Idan lambar tana yawo tsakanin 859 da 861, babu abin damuwa, domin takardar bayanin aisin da kanta ta ce kuskurensa yana iya kai lamba biyu sama ko ƙasa. Amma tsalle daga 12.3 zuwa 12.9 ya kai faɗin lambobi arba'in, kuma a batirin dalma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Batirin da ya huta yana nuna kimanin 12.6 zuwa 12.7 idan ya cika, yana nuna wajen 12.2 idan ya rage rabi. Duk labarin cikarsa da ragowarsa yana cikin wannan 'yar tazarar ta rabin bolt.

Gano asalin rawar kafin a taɓa komai

Yawancin masu koyo da zarar sun ga rawa sai su garzaya su ƙara lissafin matsakaici a manhaja. Wani lokaci hakan yana kwantar da allo, amma sau da yawa ɓoye cutar kawai yake yi. Abin da ya fi shi ne a fara fitar da lambobin ADC yadda suke, ɗari biyar ko dubu a jere, a kalle su a `Serial Plotter` na manhajar Arduino, wanda ke zana su a matsayin layi.

Siffar layin tana faɗin abubuwa da yawa. Idan ya yi kama da gashi-gashi, lambobin suna warwatse sama da ƙasa ba tsari, wannan hayaniya ce ta kai-tsaye wadda lissafi zai iya ragewa. Idan yana hawa da sauka a tsare kamar igiyar ruwa, wutar gida ce ko inbata ke shigowa. Idan yana kwance sannan ya yi tsini ɗaya mai tsawo ya koma, akwai wani abu da ke kunnawa ko kashewa, galibi rile ko mota. Idan kuwa gaba ɗayansa ya ɗaga ko ya sauka ya zauna a sabon wuri duk lokacin da aka kunna fitila ko fanka, to matsalar tana ma'auni ko tana giraun, kuma babu lissafin da zai gyara ta.

Akwai gwaji biyu masu arha da ke taimakawa. Na farko, a cire wayar awo a haɗa ƙafar A0 da GND da gajeruwar waya. Ya kamata a ga sifili ko abin da ke dab da shi. Na biyu, a haɗa batirin tocila mai bolt 1.5 tsakanin A0 da GND. Irin wannan batirin ba ya rawa, don haka duk motsin da aka gani daga allon ne ko daga wutar da ke ciyar da shi. Ƙafar da aka bari ba a haɗa ta da komai ba kuwa za ta riƙa ba da lambobi barkatai, har matso da hannu kusa da ita yana canza su, kuma wannan ba alamar lalacewa ba ce.

Ma'aunin da ke motsi

Tunda ADC kwatance yake yi, duk motsin da ma'auni ya yi zai bayyana kamar batir ne ya motsa. Lamarin ya yi kama da awon hatsi da mudun da ke ƙanƙancewa: hatsin bai ƙaru ba, amma yawan mudun da aka ƙirga ya ƙaru. Wutar USB da ake kira bolt 5 an yarda ta kasance ko'ina tsakanin 4.75 da 5.25, kuma caja mai arha ko doguwar waya siririya suna iya saukar da ita fiye da haka, musamman lokacin da rile ko allon nuni ya ja wuta.

A koma ga misalin. Batir ya sauka zuwa 12.2, wato saura rabi, don haka bolt 4.07 ke kan ƙafar. Idan wutar allon ta sauka zuwa 4.8, ADC zai ba da lamba wajen 867. Manhajar kuwa har yanzu tana lissafi da bolt 5, sai ta nuna 12.7. Batirin da ya ci rabi ya fito a matsayin cikakke, kuma ko an ɗauki awo dubu an fitar da matsakaicinsu, 12.7 ɗin nan za a samu, a tsaye cak ba rawa. Wannan ya fi rawar haɗari, domin lambar da ba ta motsi tana sa mutum ya yarda da ita.

Aisin ATmega328P yana da nasa ma'aunin a ciki, mai kimanin bolt 1.1, wanda hawa da saukar wutar allo ba su cika taɓa shi ba. Ana zaɓarsa da layi ɗaya:

```
analogReference(INTERNAL);
```

A allon Arduino Mega sunan ya bambanta, ana rubuta `INTERNAL1V1`. Bayan an canza ma'auni, awon farko-farko ba abin dogaro ba ne, sai a ɗan jira a zubar da su. Wannan ma'aunin yana da tsayuwa, amma ba shi da daidaito daga masana'anta: a wani aisin yana iya zama 1.0, a wani 1.2. Saboda haka dole a daidaita kowace na'ura da mita, kamar yadda za a gani a gaba.

Sauya ma'auni yana tilasta sauya rasistocin, domin yanzu duk abin da ya wuce 1.1 zai fito a matsayin 1023. Kilo'om 150 a sama da kilo'om 10 a ƙasa suna raba wutar gida 16. Bolt 12.6 zai zama kimanin 0.79, lambar ta zama wajen 733, kuma ana iya auna har bolt 17.6, wanda ya wadatar ga batirin da ke kaiwa 14.4 lokacin caji. Wanda ke son abin da ya fi wannan yana iya sa ma'auni na waje a ƙafar AREF, kamar LM4040 mai bolt 4.096, wanda ke sa kowace lamba ta zama milibolt 4 cif. Sai dai akwai ƙa'ida mai tsanani: dole a kira `analogReference(EXTERNAL)` kafin a kira `analogRead` ko sau ɗaya, in ba haka ba ma'aunin ciki da na waje za su haɗu, aisin yana iya ƙonewa.

Ba kullum ma'aunin ciki ne ya fi ba. Idan abin da ake aunawa daga wutar allon yake ci, kamar maɓallin murɗawa irin na ƙarar rediyo, ko tamista da aka jera da rasista, gara a bar ma'aunin a bolt 5 ɗin. Dalili shi ne idan wutar ta sauka, abin awon da ma'aunin suna sauka tare, kason bai canza ba, lambar ma ba za ta canza ba. Abin da ke da wutarsa ta kansa, kamar batir, shi ke buƙatar ma'auni tsayayye.

Giraun ba sifili ba ne ko'ina

A zanen takarda duk inda aka rubuta GND ana ɗaukarsa sifili. A zahiri waya ce ta tagulla, kuma kowace waya tana da 'yar turjiya. Duk wutar da ta fita daga fozitif sai ta komo ta giraun, kuma idan ta bi ta waya mai turjiya sai bakin wayar ɗaya ya ɗan fi ɗayan ƙarfin wuta. ADC yana auna komai ne daga ƙafar GND ta aisin kansa, ba daga nagatif ɗin batir ba.

A ce an ɗaura rasistocin nan biyu a can wajen batir, ƙasan na kilo'om 10 yana manne da nagatif, an jawo wayar awo zuwa A0. Allon da rile ɗinsa kuma suna mayar da wutarsu ta wata siririyar waya wadda, tare da wuraren sokawa, turjiyarta ta kai om 0.1. Rile mai bolt 5 yana jan kimanin miliamfiya 70. Da ya kama, giraun ɗin allon zai ɗaga da milibolt 7 sama da nagatif ɗin batir. Abin kamar ba komai ba, amma ADC zai ga awon ya ragu da wannan milibolt 7, manhajar kuma za ta ninka shi sau 16, sai allo ya nuna batir ya faɗi da bolt 0.11. Da fanka mai jan rabin amfiya ce ke komowa ta wannan wayar, faɗuwar ƙaryar za ta kai bolt 0.8. A nan ne ake biyan kuɗin ƙaramin ma'auni: ya kawar da matsalar wutar USB, amma ya sa kowane ɗan kuskuren giraun ya yi girma.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A ɗauke rasistocin daga wajen batir a kawo su jikin allon, ƙasan na kilo'om 10 ya sauka dab da ƙafar GND ta aisin. Yanzu milibolt 7 ɗin nan daga cikin bolt 12.6 yake fita kafin a raba, saboda haka kuskuren ya tsaya milibolt 7, ƙasa da rabin lamba ɗaya. Wannan sauyin wurin yana da wata fa'idar: doguwar wayar yanzu tana ɗauke da cikakkiyar wutar batir ne, wadda hayaniya ba ta iya girgizawa da sauƙi, maimakon 'yar wuta mai rauni ta mahaɗar rasistoci.

Sauran ƙa'idar ita ce kada kaya masu jan wuta da yawa su yi tarayya da allon a wayar komowa. Rile, fanka da famfo kowanne ya sami tasa wayar zuwa wuri guda inda duk giraun ke haɗuwa, a nan nagatif ɗin batir, maimakon a jera su ɗaya bayan ɗaya a kan waya guda. Haka kuma wurin da ake ɗauko awon yana da tasiri. Inbata mai ba da wat 1000 daga batir mai bolt 12 tana jan wajen amfiya 90. Kebul na tagulla mai kaurin milimita murabba'i 16 da tsawon mita ɗaya yana cinye kimanin bolt 0.1 a wannan jan, biyun kuma 0.2. Wanda ya ɗauki awonsa daga bakin inbata zai ga batir ya yi ƙasa da yadda yake duk lokacin da aka ɗora kaya. Wayoyin awo biyu su tashi daga kan batirin kansa, a murɗa su tare kamar igiya don rage abin da suke kwasowa daga iska, a nisanta su da kebul ɗin inbata, a kuma sa ƙaramin fis a ta fozitif kusa da batir, domin batirin dalma yana iya narkar da siririyar waya cikin ƙiftawar ido idan ta haɗu da nagatif.

Kafasita a bakin ƙafa

A cikin ADC akwai wata 'yar kafasita mai kimanin fikofarad 14 wadda ke ɗebo samfurin wutar a riƙe yayin da ake aunawa. Tana buƙatar ta cika cikin ɗan lokaci ƙanƙani, shi ya sa masu ƙera aisin suka ba da shawarar turjiyar abin da ke ciyar da ƙafar kada ta wuce kilo'om 10. Rasistocin 150 da 10, idan aka dube su daga ƙafar, suna daidai da kimanin kilo'om 9.4, wato sun shiga da ƙyar. Idan aka wuce iyakar, alamar da ake gani ita ce awon wata ƙafa yana shafar na wata: an karanta A1 sannan A0, sai A0 ta karkata wajen abin da A1 ta nuna. Karanta ƙafar sau biyu a zubar da na farko yana rage wannan.

Kafasita guda tsakanin A0 da GND, a manne da allon, tana magance wannan kuma tana tace hayaniya mai sauri. Tare da turjiyar rasistocin ta zama matata mai barin canji na hankali ya wuce, ta danne mai sauri. Iyakar da dannewar ke farawa ana samunta da wannan lissafin:

```
f = 1 / (2 × π × R × C)
```

Da kilo'om 9.4 da nanofarad 100, iyakar tana wajen kaɗawa 170 a daƙiƙa. Wannan ya isa ya share hayaniyar na'urorin rage wuta irin su LM2596, wadda ke kunnawa da kashewa sau 150,000 a daƙiƙa. Amma bai isa ga hayaniyar wutar gida ba. A Najeriya da Nijar wutar gida tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, inbata kuma tana jan wuta daga batir a ninkin wannan, wato sau 100. Idan aka sa maikurofarad 1, iyakar ta sauko zuwa 17, mai kaɗawa 50 ta ragu kusan sau uku, mai 100 kuma kusan sau shida. Abin da aka rasa shi ne sauri, domin awon zai ɗauki wajen milidaƙiƙa 50 kafin ya cim ma sabon matsayi. Ga batir wannan ba komai ba ne; ga mai auna sauti ko girgizar inji kuwa zai shafe abin da ake nema. Kafasitar ta zama ta siramik ko ta fim, domin mai ruwa tana yoyon wuta, kuma yoyon yana jan awon ƙasa yana kuma canzawa da zafi.

Dalilin da ya sa ba a barin wannan aikin ga manhaja kaɗai shi ne hayaniya mai sauri tana iya ɓad da kama. Idan ana ɗaukar awo sau ɗaya kowace daƙiƙa, kuma akwai igiyar da ke kaɗawa kusan sau 50, kowane awo zai faɗa kusan wuri ɗaya a kan igiyar, ya ɗan gusa kaɗan daga na baya. Sakamakon shi ne layi mai hawa da sauka a hankali, wanda ba yadda za a bambanta shi da canjin batir na gaskiya. Da zarar ya shiga lambobi a wannan siffar, ya zauna.

Ga wanda ke ƙera nasa allon, takardar aisin ta ba da shawarar a ciyar da ƙafar AVCC, mai ba ADC wuta, ta indakta mai maikurohenri 10 da kafasita mai nanofarad 100. Aisin yana kuma da yanayin barci na musamman da ke tsayar da ƙwaƙwalwarsa yayin da ADC ke aiki, don kada motsin cikinsa ya shiga awon.

Matsakaici, da abin da yake iyawa

Bayan an gyara ma'auni da giraun an kuma sa kafasita, abin da ya saura yawanci rawar lamba ɗaya ko biyu ce, kuma nan ne lissafi ke da amfani. Hayaniyar da ba ta da tsari tana kaiwa sama kamar yadda take kaiwa ƙasa, don haka idan aka tara awo da yawa sai su riƙa cinye juna. Ragin yana bin tushen murabba'in yawan awon ne: awo 4 suna rage ta rabi, 16 sau huɗu, 100 sau goma. Daga nan ribar tana ƙanƙancewa, domin neman ragin sau ashirin yana buƙatar awo 400. Wannan lissafin yana aiki ne idan kowane awo yana da tasa hayaniyar dabam. Wadda ke tafiya a hankali, ta shafi awon duka lokaci guda, ba ta raguwa haka.

Akwai dabara mai kyau game da tsawon lokacin tarawa. Igiyar da ke kaɗawa sau 50 tana kammala zagaye ɗaya cikin milidaƙiƙa 20. Idan aka baza awon daidai a cikin wannan lokacin, rabin sama na igiyar zai soke rabin ƙasa, mai kaɗawa 100 ma ta soke kanta tunda ta yi zagaye biyu cif. Kowane `analogRead` yana cin kaɗan fiye da maikurodaƙiƙa 100, saboda haka awo 100 da tazarar maikurodaƙiƙa 200 suna shiga:

```
float karanta() {
  unsigned long jimla = 0;
  unsigned long t = micros();
  for (int i = 0; i < 100; i++) {
    jimla += analogRead(A0);
    t += 200;
    while ((long)(micros() - t) < 0) {}
  }
  return jimla / 100.0;
}
```

An sa `jimla` ta zama `unsigned long` da gangan. A Uno, `int` ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767, kuma awo 33 na lamba 1023 sun riga sun wuce wannan. Idan ya cika sai jimlar ta juye ta zama shirme, sau da yawa ƙasa da sifili. An kuma raba da `100.0` maimakon `100` don kada a yar da guntun da ke bayan ɗigo, wanda shi ne ribar tarawar. Idan wutar janareto ce, wadda kaɗawarta ke kauce wa 50, sokewar ba za ta cika ba, amma yawancin igiyar zai tafi.

Tsini guda mai tsawo yana ɓata matsakaici. A ce an sami awo biyar: 733, 734, 733, 901, 732. Matsakaicinsu ya kusa 767, wanda ya yi nisa da gaskiya da fiye da rabin bolt. Idan aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiya, 733 za a samu, tsinin ya fita ba tare da ya bar tabo ba. Duk da haka, gara a kashe tsinin daga tushe, ta hanyar sa dayod a juye a kan nadin rile ko motar da ke haifar da shi.

Don lambar da ke kan allo ta zauna, ana iya ƙara wata tacewar mai sauƙi, `y = y + (x - y) / 16`, inda kowane sabon awo ke gusar da tsohon sakamako da kashi ɗaya cikin 16 na bambancinsu. Ba ta cin wurin ajiya, amma tana jinkiri: sai bayan awo 16 take cim ma kusan kashi biyu cikin uku na sabon canji. Idan na'urar ce za ta yanke wuta lokacin haɗari, wannan jinkirin sai an lissafa shi. Kuma ko an tace yaya, rile zai riƙa ƙaf-ƙaf idan iyakar kashewa da ta kunnawa ɗaya ce, domin batir yana ɗan farfaɗowa da zarar an sauke masa kaya. Ana raba iyakokin biyu, misali a yanke a 11.8, kada a mayar sai batir ya kai 12.6.

Daidaitawa da mita

Duk matakan baya suna sa lambar ta tsaya, amma ba su tabbatar da cewa daidai take ba. Ma'aunin ciki yana iya kaucewa da kusan kashi tara cikin ɗari, rasistoci masu zoben zinariya kuma da kashi biyar. Ana kawar da duka biyun a tashi ɗaya. A sa mita mai kyau a kan batirin, ba caji ba kaya, a karanta, a kuma rubuta abin da `karanta()` ta bayar a daidai lokacin. Idan mita ta nuna 12.60, na'urar kuma ta ba da 748 maimakon 733 da lissafi ya yi hasashe, sai a raba 12.60 da 748 a sami 0.016845. Wannan shi ne bolt ɗin da kowace lamba ke wakilta a wannan na'urar kaɗai, kuma da shi za a riƙa ninka kowane awo. A sake gwadawa lokacin da batir ke caji wajen bolt 14; idan mita da na'ura sun yarda da juna a wuraren biyu cikin bolt 0.03, aikin ya yi.

Zafi yana ɗan gusar da ma'aunin ciki da rasistoci, don haka na'urar da za ta zauna a ɗakin batir mai rufin kwano gara a daidaita ta a can, a kuma yi amfani da rasistoci masu kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari. Idan aikin yana buƙatar ganin bambancin milibolt ɗaya ko biyu, ADC na cikin aisin ya kai iyakarsa, sai a koma ga na waje kamar ADS1115. Wannan yana raba awonsa gida 65,536, yana da nasa ma'aunin, yana kuma iya auna bambancin da ke tsakanin wayoyi biyu kai tsaye, abin da ke rage tasirin giraun ƙwarai. Don sanin ko batirin sola ya cika ko ya rage rabi kuwa, Uno da rasista biyu da kafasita ɗaya sun wadatar.